Inshora Ake Sayarwa, Ba Rangwame Ake Saye Ba: Martani Ga Mai Cewa Alƙawarin Sayen Hannun Jari Riba Biyu Ne

Kwanakin baya wani marubuci da ke sharhi kan harkokin kuɗi ya fitar da maƙala yana kwaɗaita wa masu zuba jari a kasuwar Amurka wata dabara. A cewarsa, wanda yake son hannun jarin wani kamfani amma yake ganin ya yi tsada, bai kamata ya zauna yana jiran farashi ya sauko a banza ba. Kamata ya yi ya karɓi kuɗin zaman jiran. Ya rufe da cewa dabara ce da ba a faɗuwa a cikinta, domin ko dai mutum ya tafi da lada, ko kuma ya samu hajar da yake so a farashi mai rahusa. Maƙalar ta yi daɗin karatu, kuma lissafin da ke cikinta daidai ne har zuwa inda ya tsaya. Matsalar ita ce ya tsaya tun kafin ya iso wurin da mutane ke asarar dukiyarsu.

Adalci ne a fara shimfiɗa hujjarsa yadda ya kawo ta. A manhajojin dillalan hannun jari akwai wata kwangila da ake rubuta wa suna `put`. Wanda ya saye ta ya sayi haƙƙin sayar da hannun jari a wani farashi da aka yanke, daga yau zuwa wata rana da aka tsayar. Wanda ya sayar da ita kuwa ya ɗauki alƙawarin saye a wannan farashin idan aka nemi ya saya, kuma ana biyan sa lada nan take saboda ɗaukar alƙawarin. A Amurka kwangila ɗaya tana ɗauke da hannun jari guda 100. Idan mai alƙawarin ya ajiye cikakken kuɗin sayen a asusunsa, dillali ya riƙe shi har wa'adi ya cika, to an ce alƙawarin yana da jinginar kuɗi hannu. Wannan ita ce dabarar da ake magana a kai.

Misalin marubucin shi ne hannun jarin da ake sayarwa dala 50. Mutum ya yi alƙawarin saye a dala 45 nan da wata guda, ya ajiye dala 4,500, aka biya shi ladan dala 1 a kan kowane hannun jari, wato dala 100. Idan wa'adi ya cika farashi yana sama da 45, alƙawari ya faɗi, an sakar masa kuɗinsa, dala 100 ta zama tasa. Idan farashi ya sauka ƙasa da 45, ya saya a 45, kuma da yake ya riga ya ci ladan dala 1, kamar a 44 ya saya abin da jiya ake sayarwa 50. Daga nan marubucin ya gina hujjoji: cewa duk inda ta faɗi riba ce, cewa tamkar barin oda ce wurin dillali sai dai ita ana biya, cewa ajiye kuɗi hannu ya kawar da haɗari, cewa ladan yana kai kashi 26 cikin 100 a shekara, kuma cewa Warren Buffett da kansa ya yi haka.

Akwai gaskiya a ciki, kuma ba za a ɓoye ta ba. Wanda ya yi alƙawarin saye a 45 yana asarar da ba ta kai ta wanda ya saya a 50 ba idan farashi ya rushe. Kuma wanda ya ajiye cikakken kuɗinsa ya fi wanda ya ɗauki irin wannan alƙawari da bashin dillali zaman lafiya. Amma asara ƙarama daban, rashin asara daban, kuma kan wannan bambancin ne maƙalar ta yi shiru.

Hujja ta farko ta ce hanyoyi biyu ne kawai, kuma duka alheri ne. Ina aka bar ta uku? Farashi ba ya sanin cewa wani ya yi alƙawari a 45, balle ya zo ya tsaya a 44 ya jira shi. Yana iya wucewa zuwa 30, yana iya wucewa zuwa 10, alƙawarin kuwa yana nan a 45 bai motsa ba. Ba sai an ƙirƙiro labari ba, abin ya faru a idon duniya da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ake ganin ba sa girgiza.

Ranar 2 ga Fabrairun 2022, hannun jarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya rufe kasuwa a dala 323. A ƙaddara wani mai bin shawarar marubucin ya ga ya yi masa tsada, ya ce a dala 300 yake so. Sai ya sayar da alƙawari ɗaya mai cika ranar Juma'a 18 ga watan, ya ajiye dala 30,000, kuma a ƙaddara an biya shi ladan dala 5 a kan kowane hannun jari, jimilla dala 500. A lissafinsa, ko ya tafi da 500 cikin kwana 16, ko ya mallaki Meta a 295. A yammacin wannan ranar, bayan an tashi kasuwa, kamfanin ya fitar da rahoton cinikinsa. A ciki aka ga adadin masu shiga Facebook kullum ya ragu a karon farko a tarihinsa, kuma kamfanin ya ce sauye-sauyen da Apple ya yi kan bibiyar masu wayoyinsa za su rage masa kuɗin talla da kimanin dala biliyan 10 a shekarar. Washegari hannun jarin ya faɗi da kashi 26 cikin 100, ya rufe a wajen dala 238. Darajar kamfanin ta zube da fiye da dala biliyan 230 a wuni ɗaya.

To, ina matsayin mai alƙawari a wannan yammacin? Yana da hanyoyi biyu, babu mai daɗi. Idan yana son ya fita, sai ya sayi irin kwangilar da ya sayar don ya soke ta. Haƙƙin sayar da abin dala 238 a kan dala 300 ba zai yi ƙasa da dala 62 ba, don haka abin da ya sayar 500 zai fanshe shi a kan aƙalla 6,200. Asara ta zama dala 5,700, fiye da ninki 11 na ladan da ya karɓa. Idan kuma ya zauna har wa'adi, ranar 18 ga Fabrairu farashin ya ƙara gangarawa zuwa wajen dala 206. An cire masa 30,000, an zuba masa hannun jari 100 da kasuwa ke saye a kan 20,600. Bayan an cire ladan, giɓin ya kai dala 8,900. A farkon Nuwamban shekarar farashin ya sauka ƙasa da dala 90, wato abin da ya biya wa 29,500 bai kai 9,000 ba.

Wannan shi ne rangwamen da aka yi masa alƙawari? Rangwame yana nufin a sayi abu ƙasa da farashin da kowa ke saye a ranar. Shi kuwa ya biya 295 a ranar da duk wanda ya shigo kasuwa yake samu a 206. Marubucin yana auna rahusar da farashin jiya, alhali ranar biya da farashin yau ake aunawa. Asalin kwangilar ke nan: ba a taɓa miƙo wa mai alƙawari hannun jarin sai lokacin da farashin kasuwa ya yi ƙasa da farashin alƙawari, domin babu mai hankalin da zai sayar masa a 300 abin da kasuwa ke saye 320. Hajar tana iso masa ne kawai a ranar da farashinsa ya daina zama rahusa.

Gaskiya ne Meta ta farfaɗo. Amma sai a watan Yulin 2023 farashin ya sake haura dala 300, kusan wata 17 bayan faɗuwar. Wanda ya daure ya dawo da kuɗinsa har ya ci riba daga baya. Sai dai wannan ribar haƙuri ne da ingancin kamfani suka kawo ta, ba alƙawarin ba, kuma wanda ya saya kai tsaye bayan faɗuwar ya fi shi samu nesa ba kusa ba.

A nan ne hujja ta biyu ke rushewa, wadda ta ce dabarar tamkar barin oda ce wurin dillali cewa a saya idan farashi ya sauko 300. A fuska sun yi kama, amma akwai bambanci guda biyu, kuma kowanne kuɗi ne. Na farko, oda ana soke ta kyauta. Wanda ya bar odar 300 ya ga rahoton Meta da yamma, yana da dare guda cur ya sake tunani, ya danna ya janye ba tare da ya biya ko sisi ba. Mai alƙawari ba shi da wannan damar. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu, ko da mai odar ya yi barci bai soke ba, ma'anar odarsa ita ce a saya a 300 ko ƙasa da haka. Da kasuwa ta buɗe a wajen dala 245, a nan za a cika masa, ba a 300 ba. Wanda kuma ya riƙe kuɗinsa kawai yana kallo, dala 30,000 ɗin nan za ta saya masa hannun jari 126 a farashin 238, maimakon 100.

Abin da ladan dala 500 ya saya daga hannun mai alƙawari ke nan: 'yancin canza ra'ayi idan sabon labari ya fito. Marubucin ya ce ai mutum ya riga ya so kamfanin a 300. Wane kamfanin? Wanda masu amfani da shi ke ƙaruwa, ko wanda aka wayi gari suna raguwa? Farashin 300 an yanke shi ne da bayanan ranar Laraba, aka tilasta biyansa da gaskiyar ranar Alhamis. Shi ya sa sunan da ya dace da wannan ciniki shi ne sayar da inshora. Can ɗaya ɓangaren akwai wanda yake tsoron faɗuwar farashi, ko yake hasashenta, ya biya kuɗi kaɗan don wani ya ɗauki nauyin. Kamfanin inshora yana karɓar ƙananan kuɗaɗe daga dubban gidaje saboda ya san ba duka za su ƙone rana ɗaya ba. Mai alƙawari ɗaya ko biyu ya zama kamfanin inshora mai gida ɗaya a littafinsa.

Hujja ta uku ta ce ajiye kuɗi hannu ya kawar da haɗari. Haɗarin wa? Jinginar tana tabbatar wa dillali da wanda ya sayi kwangilar cewa za a biya su. Abin da take kare mai alƙawari daga gare shi ɗaya ne, wato kada dillali ya kira shi ya ƙaro kuɗi, ko ya rufe masa ciniki da ƙarfi a tsakiyar faɗuwa. Wannan kariya ce ta gaske. Amma ba ta rage ko dala ɗaya daga asarar da faɗuwar farashi ke jawowa. Iyakar abin da zai iya samu shi ne ladan, iyakar abin da zai iya rasawa kuwa shi ne dukkan kuɗin da ya ajiye ban da ladan. A misalin marubucin kansa, mutum ya sa dala 4,400 a bakin wuta don ya samu 100.

Wani zai ce ai hannun jari ba ya komawa sifiri. Masu hannun jarin kamfanin da ya mallaki Silicon Valley Bank sun san amsar. Ranar 8 ga Maris 2023 hannun jarin ya rufe kasuwa a wajen dala 268. Ranar 9 ya faɗi da kashi 60 cikin 100 zuwa wajen 106. Ranar 10 hukumomi suka rufe bankin, aka dakatar da cinikin hannun jarinsa, kuma da aka dawo ana cinikinsa a wajen babbar kasuwa bai kai dala ɗaya ba. Dakatar da ciniki bai soke alƙawari ba. Wanda ya ɗauki alƙawarin saye a 250 ya biya dala 25,000 ya karɓi takardar da kusan ba ta da daraja. Banki ne da a lokacin yake cikin manyan bankunan Amurka 20, ba wani ƙaramin kamfani da ba a san shi ba.

Akwai kuma haɗarin da maƙalar ba ta ko ambata ba, wato faɗuwar kasuwa baki ɗaya. Marubucin ya ba da shawarar a rarraba alƙawura kan kamfanoni daban-daban. Wannan yana taimakawa idan kamfani ɗaya ne ya yi tuntuɓe. Amma tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya sauka daga 3,386 zuwa 2,237, kimanin kashi 34 cikin 100 cikin kwana 33. Boeing ya gangaro daga sama da dala 330 zuwa ƙasa da 100. Mutumin da ke da alƙawura biyar a kan kamfanoni biyar, kowanne an yanke shi kashi 10 cikin 100 ƙasa da farashin Fabrairu, ba ɗaya za a ɗora masa ba, duka biyar ɗin za su iya sauko masa a wata guda. Kuɗin da ya tara don ya sayi araha ya ƙare a farashin kafin annoba, daidai lokacin da arahar gaske ta zo. Me ya fi wannan ciwo ga wanda burinsa tun farko shi ne saye da rahusa?

Kasuwar Cboe ta Chicago tana da wani ma'auni mai suna PUT da ke bin sakamakon sayar da irin wannan alƙawari a kan S&P 500 duk wata, tare da cikakkiyar jingina. A shekarar 2008, lokacin da S&P 500 ya yi asarar kashi 37 cikin 100, ma'aunin ya yi asarar kimanin kashi 27. Alƙaluman biyu suna faɗin gaskiyar dabarar gaba ɗayanta: lada yana rage zafin faɗuwa, ba ya hana ta. Kuma wannan a kan kamfanoni 500 ne haɗe, waɗanda ba za su mutu tare ba.

Sai hujjar kashi 26 cikin 100 a shekara. Yadda aka same ta a fili yake: dala 100 a kan 4,500 kashi 2.2 ne a wata, a ninka sau 12. Ninkawar ta ɗauka cewa watanni 12 za su zo su wuce ba tare da ko ɗaya ya ɓaci ba. A bar hannun jarin nan na dala 50 ya sauka zuwa 30 sau ɗaya kawai. Asarar dala 14 ce a kan kowanne, jimilla 1,400, wato ladan wata 14 ya tafi a wata guda. Shi ya sa dabarar ke yaudarar mai ita: yana iya cin nasara sau tara a jere, ya fara ganin kansa gwani, ya ƙara yawan alƙawura, sannan ta goma ta kwashe duka har da uwar kuɗi. Yawan lokutan nasara ba ya nuna riba, sai an haɗa da girman asarar ranar da aka faɗi.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. Ladan alƙawari yana hawa ne gwargwadon yadda kasuwa ke tsammanin farashi zai yi tsalle. Kamfanin da ke zaune lafiya ladansa ƙarami ne. Ladan da ke ɗaukar ido yana kan kamfanin da zai fitar da rahoton ciniki cikin 'yan kwanaki, ko yake jiran hukuncin kotu, ko ake raɗe-raɗin bashinsa ya yi yawa. Wanda ya shiga jerin farashi yana neman mafi tsoka, jerin haɗari yake bi daga sama ba tare da ya sani ba.

Ɗaya gefen ma akwai asarar da ba ta bayyana a asusu. Shekara guda bayan faɗuwar Fabrairun 2022, ranar 2 ga Fabrairun 2023, Meta ta yi tsalle da kashi 23 cikin 100 a wuni ɗaya, daga wajen dala 153 zuwa 189, ta kuma rufe shekarar a wajen 354. Wanda ya yarda da kamfanin amma ya zaɓi alƙawarin saye a 140, a ƙaddara kan ladan dala 3, ya tafi da dala 300. Wanda ya saya kai tsaye ya ga dala 3,600 a rana guda, da kusan 20,000 a ƙarshen shekara. Idan hasashen mai alƙawari a kan kamfani ya yi daidai, kamfanin ya tsere masa. Idan ya yi kuskure, an kawo masa shi har gida. A haka, da tafiyar lokaci, asusunsa yana tara waɗanda suka faɗi, yana rasa waɗanda suka tashi.

Marubucin ya hango wannan suka, sai ya kawo magani biyu. Na farko, idan abu ya ɓaci a mirgina alƙawarin zuwa wata mai zuwa. Mirginawa ba komai ba ce illa a fanshi tsohon alƙawari a kan asara, a sayar da sabo mai dogon wa'adi. A misalin Meta, an biya 6,200 an rufe, asarar ta tabbata, an kuma ɗaure kuɗin na wasu watanni a kan kamfanin da ke ci gaba da gangarawa. Na biyu, idan an ɗora wa mutum hannun jarin, ya juya ya sayar da alƙawarin sayarwa a kansa, wanda ake rubuta wa `call`, ya ci gaba da karɓar lada. Amma a wane farashi? Idan ya yanke a 300 don ya dawo da kuɗinsa alhali kasuwa tana 206, ladan ɗan kaɗan ne ƙwarai, domin ba a sa ran a kai can nan kusa. Idan ya yanke a 220 don ya samu lada mai kauri, kuma farashi ya farfaɗo, za a karɓe masa a 220 abin da ya saya 295, ya rasa farfaɗowar da ita kaɗai za ta cece shi.

Saura Buffett. Gaskiya ne a 1993 kamfaninsa, Berkshire Hathaway, ya sayar da alƙawarin sayen hannun jarin Coca-Cola miliyan 5 a dala 35, kan ladan dala 1.50, ya karɓi dala miliyan 7.5. Amma a duba wanda ya yi da yadda ya yi. Tun 1988 yake sayen Coca-Cola, ya san kamfanin ciki da bai, kuma a lokacin yana riƙe da hannun jarinsa miliyan 93.4, waɗanda darajarsu ta haura dala biliyan 4 a ƙarshen shekarar. Nauyin alƙawarin gaba ɗaya dala miliyan 175 ne, wajen kashi 4 cikin 100 na abin da ya riga ya mallaka a kamfanin kaɗai. Ina haɗin wannan da ma'aikacin da ya jingina rabin ajiyarsa a kan kwangila ɗaya? Sannan ƙarshen labarin bai taimaki marubucin ba. Alƙawarin bai kawo wa Buffett hannun jarin ba. A 1994 Berkshire ya cike adadin zuwa miliyan 100, ƙarin miliyan 6.6 da ya ci kimanin dala miliyan 275, wato sama da dala 41 kowanne. A matsayin hanyar samun lada, dabarar ta yi masa aiki. A matsayin hanyar saye da rahusa, ko a hannun Buffett ba ta kai shi ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa masu karatu Musulmi, wanda maƙalar ta tsallake. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992 ta yanke cewa irin waɗannan kwangiloli, yadda ake cinikinsu a kasuwannin duniya, ba su halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin kuɗi ba ne da ake karɓar musaya a kansa. Wanda wannan ya shafa ya kamata ya ji shi kafin ya ji kashi 26.

Matsayin wannan martani a fili yake. Sayar da alƙawarin saye da jinginar kuɗi ba zamba ba ce, ba kuma rangwame ba ce. Ciniki ne da mutum ke ɗaukar kusan dukkan haɗarin faɗuwar hannun jari, ya yafe dukkan ribar tashinsa, a musayar lada ƙayyadadde. Yana biya ne a yanayi guda, wato idan farashi ya tsaya cik, ya ɗan tashi, ko ya ɗan sauka kaɗan. Wanda ya yarda kamfani zai yi nisa, saye kai tsaye ya fi dacewa da ra'ayinsa, ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda yake tsoron kasuwa za ta rushe, riƙe kuɗinsa ba tare da ɗauri ba ya fi dacewa da tsoronsa.

Wanda kuma ya fahimci duk wannan ya ce zai shiga, akwai lissafin da ya wajaba ya yi kafin ya danna. Ya ninka farashin alƙawari sau 100, ya tambayi kansa ko zai yarda ya zuba wannan adadin a kamfani ɗaya yau, ko da babu lada. Ya haɗa jimillar dukkan alƙawuransa a matsayin bashin da za a iya nema rana ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Ya duba kalanda ya ga ko ranar rahoton cinikin kamfanin ta faɗo cikin wa'adin, domin a nan mai alƙawarin Meta ya faɗa rami. Sannan ya rubuta a takarda nawa zai rasa idan farashi ya sauka da kashi 30, da kuma kashi 50, ya raba da ladan, ya ga watanni nawa ke nan. A misalin marubucin, saukar kashi 50 tana kai hannun jarin dala 25, asarar dala 1,900, ladan wata 19. Wannan layin lissafi guda ɗaya ne ya ɓace daga maƙalar, kuma shi ake roƙon marubucin ya ƙara wa masu karatunsa a rubutunsa na gaba.